Yadda Ake Tsara Takardar Jin Ra'ayin Mahalarta Taro, da Yadda Ake Aiki da Amsoshinta

Karon farko da ƙungiyarmu ta shirya wa teloli bita ta yini ɗaya kan fitar da kuɗin ɗinki da rubuta lissafin shago, ni aka ɗora wa aikin takardar jin ra'ayi. Na rubuta tambayoyi goma sha huɗu, na sa gurbin suna da lambar waya a sama, aka raba bayan addu'ar rufe taro, daidai lokacin da ma'aji ya fara kiran sunaye don kuɗin mota. Takardun da suka dawo ba su kai rabi ba. Waɗanda suka dawo ɗin ma kusan magana ɗaya ce a cikinsu: taro ya yi kyau, Allah Ya saka da alheri, Allah Ya ƙara basira. Mun ji daɗin addu'ar ƙwarai, amma da kwamiti ya zauna shirya bita ta biyu, ba mu sami abu ko ɗaya da za mu canza saboda waɗannan takardu ba.

Laifin ba na mahalarta ba ne. Mutum ya zo taronka, ya ci abincinka, ka ba shi kuɗin mota, sannan ka miƙa masa takarda mai ɗauke da sunansa ka ce ya faɗi ko taro ya yi kyau. Kara da kunya ba za su bar shi ya kushe ka ba, kuma tarbiyya ce ta sa haka. Aikin mai tsara takardar shi ne ya nemo hanyar da mutum mai kara zai gaya masa gaskiya ba tare da ya ji ya ci fuskar kowa ba. Abin da ke ƙasa shi ne yadda muka yi a bita ta biyu, mataki bayan mataki.

Mataki na ɗaya: rubuta shawarwarin da ke gabanku kafin tambaya ko ɗaya

Kada ka fara da tambayoyi. Ka zauna da kwamitin shirye-shirye ka tambaye su abu ɗaya: a taro na gaba, waɗanne abubuwa ne muke da ikon canzawa, kuma muke tababa a kansu? Sharuɗɗan biyu ne, dole su haɗu. Idan ba ku da ikon canza abu, tambaya a kansa yaudarar mahalarta ce. Idan kuma kun riga kun san amsar, ɓata gurbi ne.

Mu abubuwa huɗu suka fito. Na farko, ko za mu ci gaba da ɗakin taron nan da kayan sautinsa. Na biyu, ko za mu ci gaba da haɗa masu shago da yaran da ke koyon ɗinki a aji ɗaya. Na uku, wane darasi ne ya kamata a ƙara wa lokaci. Na huɗu, me za a rage domin a samar da wannan lokacin, tunda yini ɗaya ne da mu.

Wani ya kawo shawarar a tambayi watan da ya fi dacewa da taro. Muka bar ta, domin duk wanda ya san teloli ya san ba a kiransu taro a watan azumi ko makonnin da ke gaban babbar sallah, lokacin da suke kwana a kan keke. Wani kuma ya so a tambaya ko mahalarta suna son a raba musu kekunan ɗinki. Wannan ma muka cire, don ba mu da kuɗinsu, kuma da zarar an ga tambayar a takarda za a ɗauka alkawari ne.

Ga gwajin da za ka yi wa kowace tambaya daga nan har ƙarshe: idan amsa ta fito kaza, me za mu yi? Idan ta fito akasin haka, me za mu yi? In amsoshin biyu duk abu ɗaya za ku yi, goge tambayar.

Mataki na biyu: mayar da kowace shawara tambaya

A nan aikin yake da nauyi, don haka zan daɗe a kansa.

Babbar dabara ita ce ka tambayi abin da ya faru da mutum, kada ka tambaye shi hukuncinsa a kanka. Idan ka ce "Kun gamsu da ɗakin taron?" kana neman ya yanke wa masu shiri hukunci, kuma zai ce ya gamsu. Idan ka ce "Daga inda kuka zauna, yaya kuka ji maganar malami?" labarin kunnensa kake tambaya, kuma babu rashin kunya a ce "kaɗan na ji". Haka batun malami. Tela ba zai rubuta cewa malami bai iya koyarwa ba, amma zai iya sa alama a kan "ya yi mini sauri", domin wannan bai zama zagi ba.

Dabara ta biyu, ka tilasta zaɓi. Idan ka jera darussa uku ka ce a ba kowanne maki, duka za su sami maki mai yawa. Idan ka ce a zaɓi ɗaya tak da ya fi amfani, mutum ya yabi ɗaya ba tare da ya kushe sauran ba, kai kuma ka ga bambanci. Haka tambayar ragewa: "Idan lokaci ya ƙure dole a rage ɗaya, wanne za a rage?" Kalmar "dole" ta ɗauke masa nauyin, tunda kai ne ka ce sai an rage.

Akwai kurakurai uku da nake yawan gani a takardun da ake rabawa. Ɗaya shi ne tambaya mai kai biyu, irin "Abinci da wurin zama sun yi?" Wanda ya ji daɗin abincin amma ya wuni a tsaye ba shi da amsar da zai bayar, kai ma ba za ka san wanne yake nufi ba. Na biyu, tambayar da ta riga ta ba da amsa, irin "Yaya kuka ga ƙoƙarin da kwamiti ya yi?" Duk wanda ya karanta ya san abin da ake so ya ce. Na uku, zaɓuɓɓukan da suka karkata gefe ɗaya: madalla, ya yi kyau sosai, ya yi kyau, ba laifi. Mai ƙorafi ba shi da mazauni a wannan jerin, sai dai ya fake a "ba laifi", wadda a bakin Bahaushe tana iya zama yabo, tana iya zama haƙuri.

Game da ma'aunin maki, yawancin takardu suna amfani da matakai biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Wannan tsari ya samo asali ne daga aikin Rensis Likert, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, a 1932, kuma yana da amfani inda mutane suka saba cike takardu. Rauninsa shi ne mutane da yawa suna karkata ga yarda da duk jimlar da aka ɗora musu, musamman idan ta fito daga wanda suke girmamawa. Shi ya sa ni na fi son zaɓi uku ko huɗu, kowanne an rubuta shi da kalmomin da mutum zai faɗa da bakinsa. Akwai kuma tambayar da kamfanoni ke so, wadda Fred Reichheld, masanin harkar kasuwanci na Amurka, ya fito da ita a 2003: daga sifili zuwa goma, yaya yiwuwar ka ba wani shawarar ya zo? Ana ɗaukar masu 9 da 10 a matsayin masu tallata ka, masu 0 zuwa 6 a matsayin masu kushe, a cire kason waɗannan daga na waɗancan. Ga taron mutum sittin ban ga amfaninta ba. Mutum uku su canza ra'ayi sai lambar ta yi tsalle, kuma ko ta hau ko ta sauka ba ta gaya maka abin da za ka gyara.

Wani ƙaramin abu da ya shafi harshenmu: yi amfani da "ku" da "kun" a tambayoyi. Ya haɗa namiji da mace, ya girmama babba, ya kuma raba ka da cika takarda da "ka/ki" da "kana/kina". Zaɓuɓɓukan amsa kuwa a sa su da "na", kamar mutum ne ke magana.

Ga takardar da muka raba, shafi ɗaya, fuska ɗaya:

A sama: "Ba a buƙatar suna. Amsoshinku za su taimaka mana gyara bita ta gaba. Ku sa alama a gurbi ɗaya kawai."

1. Ni: namiji ne / mace ce.
2. A sana'a: ina da shagona ko kekena / ina koyo a ƙarƙashin wani.
3. Daga inda kuka zauna, yaya kuka ji maganar malami? Na ji duka / Wani ya wuce ni / Kaɗan na ji.
4. Yaya saurin koyarwar ya zo muku? Ya yi mini sauri / Daidai / Ya yi mini jan jiki.
5. Wane darasi ɗaya ne ya fi muku amfani? Fitar da kuɗin ɗinki / Rubuta shiga da fita / Alkawari da kwastoma.
6. Idan dole a rage ɗaya, wanne za a rage? Jawaban buɗe taro / Fitar da kuɗin ɗinki / Rubuta shiga da fita / Alkawari da kwastoma.
7. Wane abu ɗaya za ku fara yi a wurin aikinku a wannan makon?
8. Wane abu ɗaya kuke so mu gyara kafin bita ta gaba?

Tambaya ta 1 da ta 2 ba ra'ayi suke nema ba, amma su ne za su ba ka damar raba amsoshi gida-gida daga baya. Kada ka wuce biyu ko uku irinsu. Idan ka haɗa jinsi da shekaru da unguwa da matsayi a taron mutum sittin, ka gane mai takarda ko da bai sa suna ba, shi ma ya san haka, sai ya koma ga yabo.

Ka lura kuma da "abu ɗaya" a tambaya ta 7 da ta 8. Idan ka rubuta "Sharhi ko shawara" ka bar layuka, addu'a za ka samu. Idan ka ce abu ɗaya a gyara, ka nuna cewa kana jiran gyara, kuma ba ka neman dogon rubutu. Buɗaɗɗun tambayoyi biyu sun isa, kuma su zo a ƙarshe.

Mataki na uku: gwada ta a kan mutum huɗu ko biyar

Kafin ka kai fotokwafi, nemo mutane irin mahalartan, waɗanda ba 'yan kwamiti ba. Ba su takardar, ka duba agogo, kada ka yi musu bayani. In ta wuce minti biyar, ta yi tsawo. Bayan sun gama, ka ce kowa ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta a kowace tambaya. A gwajinmu ne wata mai ɗinki a gida ta tsaya a tambaya ta 2, domin da farko "ina da shago" kawai na rubuta. Ta ce ita ba ta da shago, kuma ta daɗe da gama koyo. Shi ya sa muka ƙara "ko kekena". Da ba don ita ba, da matan da suka ƙware da yawa sun faɗa cikin layin masu koyo, lissafin ya gurɓace.

Mataki na huɗu: takarda ko waya

Ga taron da mutane suke zaune a gabanka, takarda ta fi. Tana hannunsu, ba ta neman data ko caji, kuma ana cike ta kafin a watse. Fom ɗin waya da ake turawa a WhatsApp bayan an koma gida, waɗanda suka fi jin daɗi da waɗanda suka fi jin haushi ne suka fi cike shi, na tsakiya kuma su manta.

Idan mahalartanka ɗalibai ne ko ma'aikata masu manyan wayoyi, Google Forms ya wadatar. Yi amfani da Multiple choice ga tambayoyin zaɓi ɗaya, Paragraph ga buɗaɗɗu. Kada ka kunna Required a kan buɗaɗɗun tambayoyi, don wanda ba shi da abin faɗa zai rufe fom ɗin ko ya rubuta ɗigo. A ƙarƙashin Settings, kashe Collect email addresses in har ka yi alkawarin ɓoye suna. Ka kuma sani cewa Limit to 1 response yana tilasta wa mutum shiga asusunsa na Google, abin da ke korar waɗanda suka manta kalmar sirrinsu. Inda babu sabis, KoboToolbox da manhajarsa KoboCollect suna karɓar amsa ba tare da intanet ba, a tura daga baya.

Lambar waya, in kana buƙatarta don bibiya, a karɓe ta a wata takarda dabam, bisa son ran mutum, a kuma faɗa masa abin da za a yi da ita. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma ko babu doka, amana ce.

Sai waɗanda ba sa karatun boko, kuma a taron sana'a ba a rasa su. Mun sa mai gabatarwa ya karanta tambayoyin a lasifika ɗaya bayan ɗaya, da zaɓuɓɓukansu a jere, kowa yana sa alama a lokaci guda. Mun sanar cewa wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami. Mun kuma ajiye mataimaka biyu, mace a ɓangaren mata, namiji a ɓangaren maza, waɗanda ba 'yan kwamiti ba ne, su rubuta wa mai so abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi.

Mataki na biyar: lokacin rabawa da yadda ake karɓa

Sa wa takardar minti goma a cikin jadawalin taro, bayan darasi na ƙarshe, kafin jawabin godiya da addu'a da rabon takardar shaida da kuɗin mota. Da zarar an shafa fatiha taro ya tashi, hankalin kowa ya koma hanya. Tanadi biro da yawa. Malaman da suka koyar su fita waje a wannan lokacin, domin da wuya mutum ya sa alama a "ya yi mini sauri" alhali malamin yana tsaye a kansa. A ajiye kwali mai tsaga a bakin ƙofa, kowa ya ninke takardarsa ya jefa da hannunsa.

Kada ka ce sai wanda ya cike za a ba kuɗin mota. Takardun za su dawo duka, amma da yawa an zizara musu alama ne kawai don a wuce layi, kuma ba ka da hanyar bambance su da na gaskiya.

Abin da shugaba zai faɗa kafin a raba yana da tasiri. Namu ya ce: "'Yan'uwa, addu'arku mun karɓa, mun gode. Yanzu gyara muke roƙo. Wanda ya nuna mana inda muka gaza, shi ya taimake mu." Da babba ya nemi gyara da bakinsa, faɗar gyaran ta zama biyayya.

Mataki na shida: ƙirga, sannan ka raba gida-gida

Yi wannan cikin kwana biyu ko uku, tun kana tuna yadda ranar ta kasance. Sa wa kowace takarda lamba a kusurwa. Buɗe Excel ko Google Sheets, ko ka ja layuka a littafi: kowace takarda layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya.

Fara da yawan waɗanda suka amsa. Mutum 64 suka halarta, maza 38, mata 26. Takardu 47 suka dawo, 29 na maza, 18 na mata, wato kusan kashi 73 cikin ɗari. Mutum 17 ba mu ji daga gare su ba, kuma wasunsu sun tafi ne tun bayan sallar azahar. Mai yiwuwa su ne taron ya fi gundura, don haka duk abin da takardu suka nuna, ka ɗauka gaskiyar ta ɗan fi shi ɗaci.

A tambaya ta 3, mutum 31 sun ji duka, 9 wani ya wuce su, 7 kaɗan suka ji. Kallon farko, kashi biyu cikin uku sun ji komai, sai a ce sauti ba laifi. Da muka raba ta jinsi sai lamarin ya canza. Cikin maza 29, 26 sun ji duka, 3 wani ya wuce su. Cikin mata 18, 5 kacal suka ji duka, 6 wani ya wuce su, kuma duk bakwai ɗin da suka ce kaɗan suka ji mata ne. Dalilin a fili yake da muka tuna tsarin zama: mata suna baya, lasifika ɗaya ce a gaba, janareta kuma yana bayan tagar da ke kusa da su. Babu wadda ta ɗaga hannu ta yi ƙorafi a ranar.

Idan jinsi yana ginshiƙin B, amsar tambaya ta 3 tana ginshiƙin D, ga yadda ake ƙirga matan da suka ce kaɗan suka ji:

```
=COUNTIFS(B:B,"mace",D:D,"kaɗan")
```

Sai dai ka tabbata ka rubuta kowace amsa iri ɗaya a duk layukan. In wani wuri ka sa "kaɗan", wani wuri "kadan", lissafin zai tsallake wasu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba zaɓuɓɓukan lambobi 1, 2, 3 tun farko.

Tambaya ta 4 ta koya mana haɗarin matsakaicin maki. Mutum 19 sun ce ya yi sauri, 12 daidai, 16 ya yi jan jiki. Da mun ba su maki 1, 2, 3 muka fitar da matsakaici, da ya faɗo kusa da 2, wato "daidai", alhali mutum 35 cikin 47 saurin bai yi musu ba. Da muka raba ta tambaya ta 2, masu koyo 21 ne: 17 sun ce sauri, 4 daidai. Masu shago ko keke 26 ne: 16 sun ce jan jiki, 8 daidai, 2 sauri. Malamin bai yi kuskure ba. Mu ne muka haɗa masa mutanen da suka shekara suna yanka farashi da yaran da ba su taɓa karɓar kuɗin ɗinki da hannunsu ba, ya bi tsakiya, bai gamsar da kowa ba.

Da irin wannan adadi, faɗi lambobin yadda suke. "Mata 13 cikin 18 ba su ji duka ba" ya fi "kashi 72 cikin ɗari" gaskiya, don mai sauraro ya san mutum nawa ake magana. Bambancin mutum biyu ko uku kuma kada ka gina masa shawara.

A tambaya ta 5, fitar da kuɗin ɗinki ya sami 28, rubuta shiga da fita 13, alkawari da kwastoma 6. A ta 6, mutum 30 sun zaɓi a rage jawaban buɗe taro, 11 darasin alkawari, 3 rubuta shiga da fita, 3 sun bar gurbin fayau. Na tabbata da ba mu sa jawaban a cikin zaɓi ba, babu mai rubuta su da hannunsa, don manya ne suka yi su.

Buɗaɗɗun amsoshi kuwa, karanta su duka sau ɗaya ba tare da ka rubuta komai ba. A karo na biyu ka tara masu kama da juna. A tambaya ta 8, mutum 33 suka yi rubutu: 14 suna son ƙarin lokacin gwada lissafi da hannunsu, 9 sun yi maganar jinkirin farawa, 6 abinci, 4 wasu abubuwa dabam. Yawa ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Cikin huɗun nan, mace ɗaya ta rubuta cewa ban ɗakin mata ba ya kulluwa, don haka ta ƙi shan ruwa har aka tashi. Mutum ɗaya ce ta faɗa, amma duk abin da ya shafi sutura ko lafiya ko mutunci, murya ɗaya ta isa a je a duba. Mun duba, haka ne.

Za ka ci karo da takarda mai zafi, wataƙila a kan aikin da kai ka yi. Kada ka tsaya nazarin rubutun hannu don gano mai ita. Ranar da aka ji cewa kwamiti ya gane wanda ya rubuta kaza, takardunka na gaba duk addu'a za su koma.

Mataki na bakwai: daga amsa zuwa aiki

Kada ka kai wa kwamiti tulin lambobi. Kai musu shafi ɗaya mai ginshiƙi huɗu: abin da aka gano, abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar da zai gama. Zaɓi gyara uku zuwa biyar. In kun ɗauki goma, babu wanda zai tabbata.

Namu ya tsaya a kan haka. Za a yi hayar lasifika ta biyu a sa a ɓangaren mata, a matsar da janareta nesa da tagogi, a kuma raba zama dama da hagu maimakon gaba da baya. Bayan sallar azahar za a raba aji biyu, masu koyo dabam, masu shago dabam. Darasin fitar da kuɗin ɗinki zai sami ƙarin minti arba'in, inda kowa zai lissafa riga ɗaya da kansa: zare, maɓalli, zif, gawayin guga ko man janareta, kason hayar shago, ladan yaro, sannan ladan hannunsa. Za a gyara sakatar ban ɗaki kafin a biya kuɗin haya. Jawabai kuwa, shugaba da kansa ya je ya sami iyayen ƙungiya, ya nuna musu lambobin cikin ladabi, aka amince da jawabi ɗaya na minti goma, sauran manya a gabatar da su a gaishe su.

Abinci mun bar shi yadda yake, don kuɗinmu bai kai ba, kuma mutum shida ne cikin 47. Amma mun faɗa. Bayan mako guda mun tura saƙon murya a zauren WhatsApp na mahalarta, muka jera abin da suka ce, abin da za mu gyara, da abin da ba za mu iya ba tare da dalili. Haka kuma aka maimaita a buɗe bita ta uku. Wanda ya ga maganarsa ta matsar da janareta, zai ɗauki biro da gaske a karo na gaba.

Malamai ma a ba su nasu sakamakon, kowa shi kaɗai, a fara da abin da ya yi kyau, a kuma ba su lambobi maimakon "an ce".

Abin da takardar ranar taro ba za ta gaya maka ba

Donald Kirkpatrick, a rubuce-rubucensa na 1959 kan auna horo, ya raba abin hawa huɗu: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, abin da suka canza a aikinsu, da sakamakon da hakan ya haifar. Takardar ranar taro hawa na farko take aunawa, sai ɗan leƙe a na biyu. Tambaya ta 7 niyya ce kawai ta nuna. A wurinmu mutane da yawa sun rubuta cewa za su sayi littafi su fara rubuta shiga da fita.

Don haka bayan mako shida, wani ɗan kwamiti ya kira mutum goma sha biyu daga cikin waɗanda suka ba da lamba, an zaɓe su ta hanyar ɗaukar kowane suna na huɗu a jerin, don kada a kira abokai kawai. Tambaya biyu ya yi: kun fara rubutawa? In ba ku fara ba, me ya hana? Biyar sun fara. Cikin bakwai da ba su fara ba, huɗu sun ce sun sayi littafin amma sun manta yadda ake ja layukan. Wannan ya sa a bita ta uku muka buga shafin misali guda, da layukansa da lissafin mako ɗaya a cike, kowa ya tafi da shi ya liƙa a bangon littafinsa.

A takardar bita ta uku mun bar tambaya ta 1 zuwa ta 4 da kalmominsu, ko harafi ba mu taɓa ba, domin in ka canza lafazi ba za ka san ko taron ne ya gyaru ko tambayar ce ta sauya ba. Mun cire ta 6, tunda an riga an yanke shawarar jawabai, muka sa wata a gurbinta kan rabon ajin da muka yi: "Ajin da aka sa ku bayan azahar ya dace da matakinku? Ya dace / Da na fi son ɗaya ajin." A wannan karon mata 20 suka mayar da takarda, 17 a cikinsu suka ce sun ji duka.